Daidaita Littafin Manhajar Ciniki da Bayanin Asusun Dillali a Kowace Rana: Nazari a Kan Tsaga Hannun Jarin NVIDIA na Yunin 2024

Tsakure

Manhajar da ke saye da sayar da hannun jari da kanta tana ajiye littafinta na abin da take riƙe da shi, dillalin da take ciniki ta hannunsa shi ma yana da nasa. Wannan maƙala ta duba yadda ake gwada littattafan nan biyu a kowace rana. Ta ɗauki ranakun 7 zuwa 10 ga Yuni, 2024, lokacin da kamfanin NVIDIA ya tsaga kowane hannun jarinsa gida goma, ta gina misali a kansu. Abin da nazarin ya nuna shi ne, gwada jimla da jimla ba ya wadatarwa, domin kurakurai biyu na iya cin juna su bar ɗan giɓi mai kama da ba komai. Sai an gangara zuwa ciniki ɗaya-ɗaya ake sanin littafin wa ya karkace.

1.0 Gabatarwa

Manhajar ciniki ba ta ganin asusun da take juyawa. Saƙonni kawai take gani. Ta aika oda, dillali ya amsa cewa ya karɓa, can kuma wani saƙo ya zo cewa ciniki ya faɗa a kan hannun jari kaza, a farashi kaza. Daga waɗannan saƙonni take tara lissafinta, kuma a kan wannan lissafi take yanke kowace shawara ta gaba: ko ta ƙara saye, ko ta sayar, ko ta tsaya. Idan saƙo ɗaya ya ɓace, ko ya zo sau biyu, lissafin ya karkace ke nan, kuma babu abin da zai sanar da ita daga ciki. Za ta ci gaba da aiki hankali kwance a kan adadin da babu shi.

Lamarin ya yi kama da na mai kaya da mai sito. Mai kaya yana rubuta buhunan da ya aika da waɗanda ya sa aka fitar, mai sito kuma yana rubuta abin da ya shiga da abin da ya fita. Ranar da littattafan suka saɓa, ba lallai ne a ce wani ya ci amana ba, amma dole a zauna a bi su layi-layi.

Maƙalar za ta yi amfani da kalmomi huɗu a ma'ana ta musamman. Riƙo shi ne adadin hannun jarin wani kamfani da ke cikin asusu a wani lokaci. Ciko shi ne ciniki guda da ya faɗa daga cikin oda, domin oda ɗaya takan cika a guntu-guntu. Giɓi shi ne bambanci tsakanin littafin manhaja da bayanin dillali. Daidaitawa kuma ita ce aikin gano giɓin, da bayyana dalilinsa, da rufe shi. Manufar nazarin ita ce nuna matakin da ya kamata a yi wannan aiki a kansa, da abin da ya dace a yi idan giɓi ya bayyana.

2.0 Waiwaye a kan ra'ayoyin da suka gabata

Masu binciken kuɗi sun daɗe suna kallon daidaitawa a matsayin maganin zamba. Babban misalinsu shi ne bankin Barings, wanda ya durƙushe a Fabrairun 1995 bayan asarar fam miliyan 827. Nick Leeson, wanda ke jagorantar cinikin bankin a Singapore, shi ne kuma ke kula da ofishin da ke rubuta cinikin, ya riƙa ɓoye asara a wani asusu mai lamba 88888. Hedikwata a Landan ta yi ta aika kuɗin jingina ba tare da ta iya danganta su da riƙon abokan cinikinta ba. Darasin da masu wannan ra'ayi suka ɗauka shi ne, wanda ya yi ciniki ba shi zai tabbatar da kansa ba, dole shaida ta fito daga wani wuri dabam. Wannan ƙa'ida ta shafi manhaja kamar yadda ta shafi mutum, ko da yake manhaja ba ta yin ƙarya da gangan.

Hukumomi kuwa sun mayar da abin doka. A Amurka, ƙa'idar 17a-13 ta hukumar SEC ta wajabta wa dillalai ƙirga takardun hannun jarin da ke hannunsu aƙalla sau ɗaya a wata uku. Tarayyar Turai ta fi kusantar batun wannan maƙala. Dokarta mai lamba 2017/589, wadda aka fi sani da RTS 6, ta fara aiki ranar 3 ga Janairu, 2018, kuma sashe na 17 ya buƙaci kamfanin da ke ciniki da manhaja ya riƙa gwada bayanansa na ciniki da waɗanda kasuwanni da dillalai da masu kammala biya suka aiko masa, nan take idan su ma nan take suke aikowa. Sai dai doka ta ce a yi ne kawai, ba ta ce ga yadda za a yi ba.

Akwai ra'ayi na uku, wanda ya fi yawa a tsakanin masu rubuta ƙananan manhajoji. Su a ganinsu babu wata wahala: kowace safiya a tambayi dillali abin da ke cikin asusu, a shafe adadin manhaja, a rubuta na dillali. Hujjarsu tana da ƙarfi ta fuska ɗaya, domin abin da ke littafin dillali shi za a iya sayarwa, shi ne kuma ake lissafa jingina a kansa. Rauninta shi ne tana goge shaidar kuskure tare da kuskuren. Aibin da ya haifar da giɓin yana nan daram a cikin manhaja, zai kuma sake haifar da wani gobe, wataƙila mafi girma. Ƙari a kan haka, idan dabaru biyu suna aiki a asusu ɗaya, ɗaya ta sayi hannu 100 ɗaya ta sayar da 100 na aro, dillali zai nuna sifili, ba shi da masaniyar wace dabara ce ke da wane. Littafin manhaja ne kaɗai ke ɗauke da wannan bayani. Wannan maƙala ta karɓi ƙa'idar farko, ta kuma yi jayayya da ra'ayi na uku.

3.0 Hanyar nazari

An bi hanyar gina misali. Ranaku da matakin kamfanin NVIDIA na gaskiya ne, kamar yadda kamfanin ya sanar. Asusun da cinikin da ke cikinsa kuwa ƙirƙira su aka yi domin bayani, aka ɗora su a kan farashin da ya yi kusa da na ranar, aka kuma ajiye la'adar dillali gefe don lissafin ya fito fili.

Saƙonnin ciko an rubuta su da tsarin FIX, harshen da manhajoji da dillalai suka fi magana da shi, wanda ya samo asali a 1992 tsakanin kamfanonin Fidelity Investments da Salomon Brothers. A wannan tsari kowane bayani yana da lamba. Lamba 11 ita ce sunan da manhaja ta raɗa wa odarta, 17 lambar ciko, 32 adadin da ya faɗa a wannan ciko, 31 farashinsa, 14 jimlar abin da ya cika daga odar zuwa yanzu, 151 kuma abin da ya rage.

Ma'aunin gwaji shi ne lissafin mirginawa, wato a tashi daga riƙon jiya wanda ɓangarorin biyu suka amince da shi, a bi duk abin da ya motsa shi, a iso riƙon yau:

```
jiya + saye - sayarwa + canji_ba_oda = yau
```

Ana yin wannan sau biyu ga kowane hannun jari, sau ɗaya da bayanan manhaja, sau ɗaya da na dillali, sannan a gwada kowane gurbi da takwaransa. Gurbi na huɗu, canjin da ba oda ta kawo shi ba, shi ne inda tsaga hannun jari da sauya suna da makamantansu ke shiga. Sharaɗi guda ne ba a sassautawa: bayanan dillali su fito daga takardar bayanin asusu ko fayil ɗin ƙarshen rana, kada su fito daga layin saƙonnin da manhaja ta riga ta sha daga gare shi. Wanda ya gwada littafi da tushen da aka kwafe shi daga ciki bai gwada komai ba.

4.0 Nazari

4.1 Giɓin hannu biyu da ba hannu biyu ba ne

Ranar Alhamis, 6 ga Yuni, an tashi kasuwa littattafan biyu suna nuna hannu 40 na NVDA. Ranar Juma'a da hantsi manhaja ta aika odar sayen hannu 30. Ga saƙonnin da dillali ya aiko, an taƙaita su:

```
35=8|11=A17|17=E1|150=F|32=12|31=1200.00|14=12|151=18
35=8|11=A17|17=E2|150=F|32=8|31=1201.00|14=20|151=10
35=8|43=Y|11=A17|17=E2|150=F|32=8|31=1201.00|14=20|151=10
35=8|11=A17|17=E3|150=F|32=10|31=1202.50|14=30|151=0
```

Layi na farko da na biyu ba su da matsala: hannu 12, sannan hannu 8. Bayan na biyu sai layin sadarwa ya katse na ɗan lokaci. Da ya dawo, dillali ya sake aiko saƙon ƙarshe, ya kuma sa masa alamar `43=Y`, wadda ke nufin wataƙila an taɓa aiko wannan. Lambar cikon ma ba ta canza ba, `E2` ce. Manhajar ba ta duba ko ɗaya daga cikin alamun biyu, abin da ta sani shi ne duk saƙon ciko da ya zo a ƙara. Sai ta ƙara 8 a karo na biyu, ta ɗauka 28 sun cika, saura 2.

Kuskure na biyu ya biyo baya nan take. Farashi ya ɗan hau, manhaja ta aika buƙatar soke ragowar odar, ta kuma rubuta a littafinta cewa odar ta rufe tun kafin dillali ya amsa. Amma buƙatar sokewa roƙo ce, ba umarni ba ne. Kafin ta isa, kasuwa ta riga ta cika hannu 10 da suka rage. Saƙon `E3` ya iso, manhaja ta duba ta ga na odar da ta rufe ne, ta watsar. Amsar dillali cewa an makara wajen sokewa ita ma ta bi shi kwandon shara.

Da aka tashi kasuwa, littafin manhaja yana cewa 40 da 12 da 8 da 8, wato 68. Na dillali yana cewa 40 da 30, wato 70. Giɓin hannu 2 ne.

Nan ne gwada jimla da jimla ke yaudara. Mai dubawa zai nemi cikon hannu 2 da ya ɓace, ba zai same shi ba, domin babu shi. Biyun nan ragowar kurakurai biyu ne masu jan juna: 10 da aka rasa, 8 da aka maimaita. Da a ce cikon ƙarshe 8 ne maimakon 10, da jimla ta zo daidai cif, rahoton safiya ya fito fes, aibobi biyu kuma suna kwance a cikin manhaja babu wanda ya san da su.

Kuɗi suna ba da shaida ta biyu. A wurin dillali an kashe dala 14,400 da 9,608 da 12,025, jimla 36,033. A wurin manhaja an kashe 14,400 da 9,608 sau biyu, jimla 33,616. Bambancin dala 2,417 ne, wanda kusan kuɗin hannu biyu ne amma bai yi daidai da farashin ko ɗaya daga cikin cikon odar ba, sai idan an cire 9,608 daga 12,025. Wannan ne dalilin da ya sa ake gwada kuɗi daban, adadi daban. Ko da adadi ya ci juna, da wuya farashi ya ci juna har zuwa santi na ƙarshe.

Da aka jera cikon ɓangarorin biyu bisa lamba 17, cikin daƙiƙa abin ya fito: `E2` sau biyu a littafin manhaja sau ɗaya a na dillali, `E3` babu a na manhaja. Abin lura shi ne dillali ya faɗi gaskiyar tun a cikin saƙonnin. Lamba 14 ta nuna 12, 20, 20, 30. Layuka kaɗan sun isa su kama kuskuren tun da rana:

```python
if r.exec_id in gani:
    return
gani.add(r.exec_id)
jimla[r.oda] += r.last_qty
if jimla[r.oda] != r.cum_qty:
    dakata(r.oda)
```

Jerin `gani` dole ya zauna a kan faifai. Idan a ƙwaƙwalwar wucin gadi yake, ranar da manhaja ta faɗi ta tashi za ta manta da komai, kuma a daidai wannan lokaci ne saƙonnin maimaici ke zuwa.

4.2 Abin da ya shigo ba tare da oda ba

NVIDIA ya sanar cewa duk mai hannun jari a rijista ranar 6 ga Yuni zai sami ƙarin tara a kan kowane ɗaya, za a raba bayan tashin kasuwa ranar 7, a fara ciniki da sabon farashi ranar Litinin, 10 ga Yuni. Wanda ya saya ranar Juma'a, bayan ranar rijista, bai yi asara ba, domin haƙƙin ƙarin yana bin hannun jarin daga mai sayarwa zuwa mai saye. Don haka duka hannu 70 na misalin sun cancanta. Da asubar Litinin dillali yana nuna 700. Manhaja tana nan a kan 68, domin babu saƙon ciko da ya zo mata. Tsaga hannun jari ba ciniki ba ne, ba ya bi ta layin oda.

Giɓin yanzu 632 ne, kuma lissafin mirginawa ya warware shi kashi uku: 630 daga tsagawa, a ƙara 10 na cikon da aka watsar, a cire 8 na maimaici. Tsarin aiki yana da muhimmanci a nan. Wanda ya yi gaggawar ninka littafin manhaja sau goma zai sami 680, giɓin hannu 2 na Juma'a ya zama 20, sai ya shiga neman kuskure a lissafin tsagawa alhali matsalar ta girmi tsagawar. Ana fara rufe giɓin ciniki, sannan a ɗora matakin kamfani a kan adadin da aka amince da shi. Farashin saye shi ma sai an gyara: dala 36,033 da aka kashe a kan hannu 30 yanzu suna kan hannu 300, kowanne dala 120.11.

Me zai faru idan ba a daidaita ba aka buɗe kasuwa? Manhaja ta kwana da farashin kusan dala 1,200, ta farka ta ga kusan 120. A idonta hannun jari ya zube da kashi 90 cikin ɗari a dare ɗaya. Ƙa'idar tsayar da asara za ta tashi, ta sayar da duk abin da take zaton tana da shi, wato 68, ta rubuta sifili, ta juya ga wani abu. A asusun kuwa hannu 632 suna zaune, kimanin dala 76,000, babu mai gadinsu.

Akasin tsagawa ya fi wannan haɗari. Ranar 2 ga Agusta, 2021, hannun jarin General Electric ya fara ciniki bayan an dunƙule kowane takwas zuwa ɗaya. Mai hannu 100 ya koma mai 12, aka biya shi kuɗin rabin hannun da ya rage. Manhajar da ta ci gaba da ɗaukar cewa tana da 100 ta aika odar sayar da su, ko dai dillali ya ƙi odar, ko kuma, idan asusun yana da izinin sayar da aro, ta wayi gari ana bin ta hannu 88 da ba ta taɓa nufin ara ba. Kuɗin rabin hannun kuma zai bayyana a asusu a matsayin giɓin kuɗi da babu ciko a bayansa.

Sauya suna yana da tasa alamar mai sauƙin ganewa. Ranar 9 ga Yuni, 2022, alamar FB ta koma META. Rahoton da ke gwada riƙo da alamar kasuwa zai nuna giɓi biyu masu adadi ɗaya, ɗaya sama ɗaya ƙasa. Maganinsa a riƙa gwadawa da lamba irin CUSIP ko ISIN, alamar kasuwa ta zama laƙabi kawai. Haka nan kwangilar zaɓi da wa'adinta ya cika tana da riba ko da ta santi ɗaya ce, cibiyar OCC takan zartar da ita kai tsaye idan ba a ba da wani umarni ba, kowace kwangila kuma hannu 100 ce. Asusu na iya kwana da kwangila ya tashi da hannun jari.

4.3 Giɓin da agogo ya haifar

Ba kowane giɓi ne kuskure ba. Tun ranar 28 ga Mayu, 2024, kasuwar Amurka take kammala biya kwana ɗaya na aiki bayan ciniki, maimakon biyu. Cinikin Juma'a na misalin sai Litinin ya kammala. Idan manhaja tana cire kuɗi a ranar ciniki, aka kuma gwada ta da gurbin kuɗin da suka kammala a takardar dillali, dala 36,033 za su fito a matsayin giɓi ranar Asabar, su ɓace da kansu bayan Litinin. Wannan ba ya buƙatar gyara, yana buƙatar a gwada ranar ciniki da ranar ciniki.

Yankan rana ya fi wannan ɓoyewa. Ana ciniki bayan tashin kasuwa har ƙarfe 8 na dare agogon New York. A watan Yuni wannan ya yi daidai da ƙarfe 12 na dare agogon UTC, don haka manhajar da ke ɗaukar kwanan wata daga UTC ba za ta nuna matsala ba. Da zarar Amurka ta mayar da agogonta baya a farkon Nuwamba, cikon ƙarfe 7:30 na dare zai faɗa washegari a littafin manhaja, yau a na dillali. Kwamfutar da ke kan agogon Nijeriya ko Nijar, wanda ya wuce UTC da awa ɗaya, za ta fuskanci wannan duk shekara. Alamarsa ita ce giɓi ya bayyana yau, gobe ya dawo da adadi ɗaya ta ɗaya gefen.

Akwai kuma cinikin da ya faɗa sannan aka warware shi. Ranar 6 ga Mayu, 2010, ciniki sama da 20,000 sun faɗa a farashin da ya kauce da fiye da kashi 60 cikin ɗari daga na 'yan mintuna kafin nan, kasuwanni da hukumar FINRA suka soke su bayan an tashi. A tsarin FIX sokewa tana zuwa da `150=H`, gyara kuma da `150=G`, lamba 19 tana nuna cikon da abin ya shafa. Manhajar da ke kashe kanta ƙarfe 4 na yamma ba za ta ji wannan saƙo ba, sai bayanin asusu ya gaya mata.

4.4 Hukunci bayan an gano giɓi

Adadin hannun jari ba shi da rangwame. Giɓin hannu ɗaya giɓi ne, kuma misalin 4.1 ya nuna dalili: ƙanƙantar giɓi ba ta faɗin komai game da girman abin da ya haife shi. Kuɗi ne kaɗai ake yi wa ɗan sassauci, saboda la'ada da kuɗin hukuma da ake cira a kan sayarwa sukan bambanta da 'yan santi wajen cike lissafi. Ko a nan ma ana tara sassaucin a duba shi a ƙarshen wata. Santi biyar da ke karkata gefe ɗaya kullum alama ce cewa jadawalin la'adar da manhaja ke amfani da shi ya tsufa. Yana da kyau kuma a ajiye kuɗi da `Decimal`, domin a Python `0.1 + 0.2` yana ba da `0.30000000000000004`, kuma irin wannan ƙura tana cika rahoto da giɓin banza har mai dubawa ya daina karantawa.

Idan giɓin adadi bai bayyana dalilinsa ba kafin buɗe kasuwa, hukuncin da ya dace shi ne a hana manhaja taɓa wannan hannun jari, sauran su ci gaba. Kada a bar ta ta rufe giɓin da kanta ta hanyar saye ko sayarwa, domin idan tsagawa ce ko jinkirin agogo, odar gyaran ita ce za ta zama kuskuren gaske.

Gyara kuma ba shafewa ba ce. A misalin nan layuka uku ake ƙarawa a littafin manhaja, kowanne da dalilinsa da sunan wanda ya amince: warware `E2` na biyu, shigar da `E3`, shigar da ƙarin 630 na tsagawa. Tsohon rubutu yana nan yadda yake. Da haka ne bayan wata shida za a iya ƙirga sau nawa maimaicin saƙo ya haifar da giɓi, a san ko gyaran da aka yi wa manhaja ya ci. Wani lokaci kuma binciken kan nuna cewa dillali ne ya yi kuskure, ya zuba cikon wani a asusun da ba nasa ba. Mai littafi mai zaman kansa ne kaɗai ke da hujjar kai ƙorafi, wanda ya kwafe adadin dillali ya riga ya sa hannu a kan kuskuren.

5.0 Iyakar daidaitawar kullum

Daidaitawar safiya tana kama abin da ya kwana, ba ta tsayar da abin da ke gudu. Ranar 1 ga Agusta, 2012, kamfanin Knight Capital ya buɗe kasuwa da sabuwar manhaja a kan uwayen garke bakwai daga cikin takwas, ta takwas ɗin ba a sabunta ta ba. A cikinta wani tsohon ɓangare mai suna Power Peg ya farka. Tun 2005 an ɗauke sashen da ke ƙirga abin da ya cika daga oda zuwa wani wuri, don haka ɓangaren ya yi ta aika oda ba tare da ya san an cika ba. Bisa binciken SEC, oda 212 sun haifar da ciko sama da miliyan 4 a hannayen jari 154 cikin kusan minti 45, asara ta haura dala miliyan 460. Aibin dangin na sashe na 4.1 ne, manhaja da ba ta san abin da ta riga ta saya ba, amma babu bayanin asusun ƙarshen rana da zai isa da wuri.

Binciken ya kuma nuna cewa asusun da riƙon ya taru a cikinsa yana da iyakar dala miliyan 2, sai dai ba a haɗa iyakar da abin da zai tsayar da oda kai tsaye ba, kuma saƙonnin imel 97 da ke ambaton Power Peg sun fita kafin buɗe kasuwa ba a ɗauki mataki a kansu ba. Don haka gwajin lamba 14 a kan kowane saƙo, da tambayar riƙo daga dillali a kai a kai cikin yini, da iyakar da ke kashe oda da kanta, aikinsu dabam ne da na daidaitawar safiya, ɗaya ba ya maye gurbin ɗaya. A watan Oktoba na 2013 SEC ta ci Knight tarar dala miliyan 12 bisa saɓa ƙa'idar 15c3-5.